Kuɗin albasa da asusun mudaraba

Ni ɗan kasuwar albasa ne a Marwa. Idan kaka ta wuce, kuɗi kan zauna mini wata da watanni ba aiki. A da ina ajiye su a asusun ajiya na banki, ruwan da ya hau kai in cire in bayar, don ba na son ya shiga tukunyar gidana. Bara na kai sefa miliyan 2 sashen Musulunci na wani banki.

Ma'aikacin ya tambaye ni, "Alhaji, ajiya kake so ko juyawa?" Ashe asusun iri biyu ne. Na farko rance ne ka ba banki: kuɗinka na nan cif, ka ɗauka ran da ka so, amma ba ƙarin ko dala. Na biyu shi ne mudaraba: jari naka, aiki nasu, riba a raba. Na zaɓi na biyu, muka sa hannu a kan kashi 60 na masu ajiya, 40 na banki.

A nan na fara kuskure, na ɗauka kason a kan jarina ake lissafa shi. Ya ja takarda ya ce, "A ce kuɗin masu ajiya duka miliyan 100 ne. Banki ya sayi motoci da shinkafa ya sayar wa mutane bashi da ƙarin farashi sananne, wato murabaha. A wata shida aka samu ribar miliyan 3. Naku miliyan 1 da jaka 800. Kai kana da biyu cikin ɗari na jarin, ka tashi da jaka 36." Abin da aka yanke tun farko rabon ne kawai. A asusuna na da kuwa, adadin ruwan aka yanke a kan uwar kuɗi, ko banki ya ci ko ya faɗi.

Sai na tambayi abin da ke cina, in aka yi asara fa? Bai ɓoye ba. Ya ce asara a kan mai jari take, banki wahalarsa ce ta tafi a banza, sai dai in sakaci ya yi ko ya saɓa sharaɗi. Na kwana biyu ina juya maganar, domin wannan kasadar ce ta halatta ribar.

Rabon farko ya yi kusa da hasashensu. Na biyu ya ragu sosai, kuma da hannuna a ciki: na zare jaka 800 a tsakiyar zango don auren ƙanwata, alhali ana duba yawan kuɗi da kwanakin da suka yi a asusu. Na je da fushi, aka buɗe mini lissafi, na ga hasashe na riƙe kamar alkawari.

Bana na raba kuɗin biyu. Na hidimar gida da sayen buhuna suna asusun rance, miliyan 1 da na tabbata ba zan taɓa ba kafin sabuwar albasa ta fito ita ce a mudaraba.