Ba na faɗin kuɗin sola sai na yi tambayoyina

Sana'ata haɗa wutar sola a gidaje da shaguna a nan Kano, ni da yarana kaɗan. Kusan duk wanda ya kira, bayan sallama, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, nawa ne sola?" Ba na amsa wannan tambaya a kiran farko, domin solar da za ta riƙe fanka da ƙwan lantarki daban take da wadda za ta tayar da famfon bohol. In na faɗi kuɗi da ka, ko dai in kore shi, ko in ɗaure kaina da alkawarin da zai ci jarina.

Da buƙata nake farawa, kuma ba na cewa "inbata mai ƙarfin nawa kake so?", don yawanci abin da ya gani a gidan maƙwabci zai faɗa. Sai in ce: "Wace matsala ce kake so ta ƙare?" Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta kira ni tana son a haɗa mata gidan gaba ɗaya. Da na yi mata wannan tambaya sai ta ce: "Ni dai firizojina biyu, kada kayana su narke." To, aikin ya sauya ke nan. Na roƙe ta ta ɗauko mini hoton takardar da ke manne a bayan kowace firiza, kowacce wat 200 aka rubuta.

Tambayar da ta fi kowacce tasiri a kan farashi ita ce ta gaba: "Hajiya, da dare ma sai sun kwana a kunne?" Da rana farantan sola ne ke ba da wuta kai tsaye, da dare kuwa batir ne, kuma batir shi ne ya fi komai tsada a aikin. Firiza biyu wat 400 ke nan. Injin firiza ba ya aiki ba tsayawa, amma mai yin ƙanƙara yakan daɗe yana juyawa, don haka nakan lissafa kashi biyu cikin uku na awa 12, wato awa 8. Hakan ya ba da kilowat-awa 3.2 a kowane dare. Batirin litiyam guda mai kilowat-awa 5 zai ɗauka. In batirin ruwa ne mai amfiya-awa 200 da bolt 12, kowanne kilowat-awa 2.4 yake ajiyewa, kuma rabi kawai ake so a sha in ana son ya yi ƙarko, saboda haka uku da ƙyar za su isa, sai an jera huɗu. In kuwa za ta iya kashe su da dare ta rufe ruf, ƙaramin batir ya isa, sai a ƙara faranti. Amsa guda ta raba farashi biyu masu nisa.

Maganar kuɗi sai da dabara. Mutanenmu ba sa son a ce "nawa ka tanada?", suna ganin duk abin da suka faɗa shi za ka cinye, kuma ban ga laifinsu ba. Nakan tambayi abin da ake kashewa yanzu: "Lita nawa janareta ke sha a rana?" Hajiya ta ce biyar. Lita 150 ke nan a wata, ita da kanta ta buga kuɗin, sai ta fara ganin aikin a matsayin jari. Daga nan nakan kawo mata hanya biyu, ta litiyam da ta batirin ruwa, in faɗi iyakar ƙasa da ta sama na kowacce, in yi shiru. Wadda aka ci gaba da tambaya a kanta, nan aljihu yake. Ina kuma tambayar ko akwai wanda za a yi shawara da shi. Ta ce ɗanta ne zai cika kuɗin, sai na nemi a sa shi a kira na gaba, don kada mu gama magana ya zo ya warware.

Lokaci kuma, "da gaggawa" ba amsa ba ce. Nakan ce: "Akwai ranar da in ta wuce aikin ya rage amfani?" Ta ce kafin azumi, lokacin da cinikinta ke tashi. Saura mako uku a lokacin. Na lissafa mata baya: kwana ɗaya na duba rufi da wayoyin gida, kwana biyu na haɗawa, kusan mako in batirin sai an taho da shi daga Legas. Wato kafin alƙalami dole ya shigo cikin makon farko. Na rubuta hakan a takardar farashi, na kuma rubuta cewa kwana bakwai farashin zai tsaya, domin kayan sola da dala suke tafiya. Litiyam ta zaɓa, fankoki da talabijin kuma ta ce a bar su sai bayan Sallah.