Mai da yawa, sitiroyid da awo: yadda muka shawo kan egzimar 'yata

Tun tana jaririya fatar 'yata take a bushe, amma sai da ta doshi shekara huɗu abin ya zama ciwo sosai. Lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa suka yi kauri, suka yi duhu, suna tsagewa. Da rana wasa yana ɗauke mata hankali. Da dare kuwa, da zarar jiki ya ɗumama a shimfiɗa sai susa ta tashi, gari ya waye da ɗigon jini a zanen gado. Likitan fatar da muka gani ya ce egzima ce, irin wadda ke bin jinin gida tare da asma da yawan atishawa, kuma mahaifinta yana da asma. Ya rubuta mana abu biyu, man shafawa mai kauri da kirim ɗin sitiroyid mai kwantar da kumburi, ya ce, "Hajiya, aikin kowanne daban ne, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya."

Ban gane maganar ba sai da ya yi mini bayanin saman fata. Wannan ɓawon na waje, wanda bai kai kaurin takarda ba a yawancin jiki, gininsa irin na katanga ne. Matattun ƙwayoyin fata su ne tubalin, wani maiƙo da jiki ke yi da kansa, wanda mafi yawansa ana kiransa seramaid, shi ne kwaɓin da ya liƙe su. Idan katangar na da kyau, ruwan jiki ba ya tsirarewa waje, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta kuma ba sa samun ƙofa. A fatar mai egzima kwaɓin ya yi ƙaranci, tubalin kuma ba ya riƙe ruwa yadda ya kamata. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sikotland suka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke sa jiki yin wani furotin mai suna filagirin, wanda ke cikin ginin wannan katangar, tana ƙara haɗarin egzima ƙwarai. Ba duk mai egzima ke da wannan tangarɗar ba, amma binciken ya tabbatar da cewa matsalar tana iya farawa daga ginin fatar kanta. Wannan ya cire mini zargin da ake yawan yi wa uwa cewa rashin tsafta ne. Yawan wanka da sabulu ma ƙara lalata abin yake yi.

Tsagewa daga nan take zuwa. Ruwa ya fita, ƙwayoyin fata su motse, fatar ta rasa laushinta, sai duk inda ake lanƙwasawa ya dare. Ƙaiƙayin kuma labarinsa ya ɗan fi tsawo. Abubuwan da suka ratsa ta kafofin suna tayar da garkuwar jiki, ita kuma ta saki sinadaran da ke kawo kumburi, waɗansunsu suna tsokanar jijiyoyin ƙaiƙayi kai tsaye. Yaro ya sosa, farce ya ƙara yage ɓawon, abubuwa su ƙara shiga, kumburi ya ƙaru, ƙaiƙayi ya ƙaru. Kumburin kansa yana rage yawan filagirin da fata ke yi, wato ciwon yana ciyar da kansa. Shi ya sa ƙwayar maganin borin jini ba ta yi mata wani abin kirki ba, in ban da barcin da take sa ta. Ƙaiƙayin egzima ba ta hanyar da wannan maganin ke tarewa yake bi ba.

Aikin man shafawa shi ne ya cike kafofin, ya rufe saman fata don ruwan da ke ciki ya zauna. Ba ya kashe kumburin da ya riga ya tashi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan da ake buƙata. Yaro mai egzima a wurare da dama na jikinsa yana iya cinye giram 250 zuwa 500 a mako ɗaya, domin jiki duka ake shafawa, har inda ake ganin lafiyarsa lau, aƙalla sau biyu a rana. Mai ruwa-ruwa yana da daɗin shafawa amma nan da nan yake bushewa. Mai kauri irin basilin ya fi riƙe ruwa, sai dai yana danƙo, kuma a lokacin zafi yana damun yaro. Mun tsaya a kan kirim marar turare da rana, mai kaurin kuma da dare. A ganina wanda yaro zai yarda a shafa masa kullum ya fi wanda aka yaba amma yana ajiye a kan tebur.

Yadda ake shafawar ma da nata ƙa'ida. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi kaɗan, man shafawar da kansa a madadin sabulu, sai hammata da matsematsi da ƙafa in sun buƙaci wani abin wanki marar ƙarfi. In ta fito ina danna tawul a jikinta ne kawai, ba na gogawa, sannan in shafa man tun jikin da sauran danshi. Ana bin kwanciyar gashi daga sama zuwa ƙasa, domin murzawa da ƙarfi tana toshe ramukan gashi, ƙuraje su fito. Da cokali mai tsabta nake ɗebowa daga roba, kada yatsa ya kai ƙwayoyin cuta ciki. Wani abu da ba kowa ke faɗa ba: man da ya jiƙa tufafi da zanen gado yana sa su saurin kama wuta, wanki kuma ba ya cire shi gaba ɗaya, don haka a yi nesa da kyandir da murhu.

Sitiroyid ne ya fi ba ni tsoro, saboda abin da nake ji cewa yana sirantar da fata. Gaskiya ne yana iya yi, har ya bar nankarwa da jijiyoyin jini a fili, amma galibi hakan na faruwa ne idan an shafa mai ƙarfi na tsawon watanni ba hutu, musamman a fuska, fatar ido, hammata ko matsematsi, inda fata ke da laushi. Ƙarfinsu hawa-hawa ne. Haidirokotizon 1% shi ne mai sauƙi. Kulobetazon 0.05% matsakaici ne, betametazon balaret 0.1% mai ƙarfi, kulobetasol 0.05% kuma shi ne ƙololuwa. A lura da tarko biyu a nan. Lambar da ke jikin kwali ba ta nuna ƙarfi, tunda mai 0.05% ya ninka mai 1% nesa ba kusa ba. Sannan kulobetazon da kulobetasol harafi kaɗan ya raba sunansu, amma tazarar ƙarfinsu babba ce. Ina karanta kwalin a gaban mai bayar da magani kafin in karɓa.

An ba mu haidirokotizon don kumatu da wuya, kulobetazon don hannu da ƙafa, sau ɗaya a rana. Awon kuwa da yatsa ake yi, ma'aunin da likitoci biyu, Long da Finlay, suka fitar a birnin Cardiff na Birtaniya a 1991. Babba ya matso kirim daga bututu a kan manuniyarsa, daga kan yatsa zuwa gaɓar farko. Wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu, har da yatsu. Na auna wuraren da suka kamu a jikinta da tafina: lanƙwasar hannu biyu tafi ɗaya, bayan gwiwa biyu tafi biyu, idon sawu da wuyan hannu tafi ɗaya. Tafi huɗu ke nan, wato awon yatsa biyu, giram ɗaya a rana. Bututu mai giram 15 zai ƙare a kusan mako biyu. Lissafin ya zama mini madubi. In mako biyu ya wuce bututun na nan kusan a cike, to maganin da ke kai wa fata bai isa ba, ciwon zai yi ta jan ƙafa, a ƙarshe a shafa fiye da yadda za a shafa da an yi daidai tun farko. Kalmar "shafa kaɗan-kaɗan" da ake yawan faɗa ita ke jawo wannan. Nakan fara shafa man, in bar kamar minti 30 ya shiga, sannan in sa sitiroyid a kan wuraren ciwon kaɗai, don kada man ya tsinka shi ko ya kwashe shi zuwa inda ba a buƙata.

Sanin lokacin dainawa ya fi komai wuya, domin yawancin bayanai suna cewa a ci gaba har jan ya tafi, mu kuma fatarmu ba ta nuna ja. A baƙar fata wurin yakan yi duhu ne, ko toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje masu kaushi. Don haka yatsa na koma amfani da shi maimakon ido. Ina shafa wurin in kwatanta da lafiyayyar fatar da ke kusa. In har akwai kaushi ko tudu, ko tana kai hannu wurin cikin barci, da sauran kumburi. In ya yi sumul, sai in ƙara kwana biyu in tsaya. Tabon da ya rage, mai duhu ko mai haske, sawun kumburin ne, yana ɗaukar watanni kafin launi ya dawo, kuma sitiroyid ba ya goge shi. Bayan gwiwarta ya riƙa dawowa duk bayan 'yan makonni, sai likita ya sa mu shafa a wurin kwana biyu a jere kowane mako ko da babu ciwo, na wani ƙayyadadden lokaci, aka kuwa samu tazara mai tsawo.

Sau ɗaya abin ya ƙi jin magani. Wurin ya fara tsattsafo da ruwa, ya yi ɓawo rawaya, ta ce zafi take ji, ba ƙaiƙayi kaɗai ba. Ƙwayar bakteriya ce ta shiga ta tsagar, likita ya duba ya ƙara maganin kashe ta. A ranar ya ja mini kunne a kan wani nau'in da ya fi haɗari, wanda ƙwayar cutar da ke sa ƙurajen zazzaɓi a leɓe ke haddasawa: ƙananan gyambuna masu kama da juna kamar an huda, masu raɗaɗi, suna bazuwa da sauri, wani lokaci da zazzaɓi. Wannan asibiti ake kaiwa a ranar, musamman in ya kusanci ido. Ya kuma ce duk tabon da ya yi zagaye, gefensa ya yi tudu, yana faɗaɗa duk da ana shafa sitiroyid, a dawo a duba, don makero yana kama da egzima, sitiroyid kuma yana lafar da ƙaiƙayinsa ne yayin da shi yake ƙara yaɗuwa a ƙarƙashi.