Ranar da muka zubar da lita 60 na yogot

Wata na huɗu ke nan da fara aiki a wani ɗan wurin yin yogot a Kano, Hajiya mai wurin ta yi tafiyar kwana uku ta bar mini ɗauri ɗaya in kula da shi. Lita 60 ne, abin da ke cika gora 120 na rabin lita. Na bi ƙa'ida yadda aka koya mini: na dafa madarar ta kai digiri 85, na riƙe ta a haka minti 30, na bari ta huce zuwa 43, sannan na zuba iri lita ɗaya da 'yan kai na rufe. Irin kuwa ragowar ɗaurin baya ne, shi ma daga na bayansa aka ɗebo, ya kai zagaye na shida.

Bayan awa shida na buɗe. Ya kama, amma fuskarsa ba sumul take ba. Akwai 'yan ramuka kamar na ƙullin waina, da na sa ludayi kuma sai kumfa ta riƙa tasowa daga ƙasa. Na ɗanɗana, na ji tsami da wani ɗan tsikari a harshe. Raina ya ba ni akwai magana, amma na tuna kuɗin madarar gari, sai na zuba sukari, na dama, na ɗura.

Kwana uku gorunan suka kumbura a firij, wanda dama rabin yini yake yi babu wuta. Da Hajiya ta dawo ta murɗe murfin guda, ya yi tsit, warin barasa ya bugo mu. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi: "Ɗan nan, ƙwayoyin da ke yin yogot tsami kawai suke fitarwa, ba sa fitar da iska. Duk inda ka ga kumfa tana tasowa da kanta, baƙo ya shiga." Baƙon nan yawanci yis ne, wanda tsami ba ya hana shi rayuwa, sukari kuma abincinsa ne, wato ni da hannuna na yi masa shimfiɗa. Idan kuma kumfar ta zo da wuri, madarar ba ta yi tsami sosai ba, ga wari mara daɗi, sai a zargi ƙwayoyin ƙazanta daga hannu ko ruwan wanki, wanda ya fi muni.

Na ce mu ware waɗanda ba su kumbura ba, sun kai 40. Ta tambaye ni inda na fara ganin kumfar. Na ce a tukunya. Ta ce to ai magana ta ƙare, duk daga tukunyar suka fito, waɗanda suka yi shiru lokacinsu ne bai yi ba. Da wannan tambaya nake aiki har yau: ɓarnar ta shiga kafin a raba ne, ko bayan an raba? Gora ɗaya mai fasasshen murfi, ita kaɗai za a jefar, a sa ido a kan sauran. Amma in an samu alama iri ɗaya a goruna masu lafiyayyen murfi daga kiret daban-daban, laifin iri ne, ko tukunya, ko famfon ɗuri, kuma ɗaurin duka ya tafi, har da wanda aka kai shaguna.

Zane-zane ruwan hoda sau ɗaya na gani, a bakin wani bokiti da aka rufe da ƙyalle mai danshi. A yogot ɗin da ba a sa masa kala ba, wannan launi ko wani jan yis ne ko wasu ƙwayoyin da ke son wuri mai laima, kuma ido ba ya bambance su. Ba a ɗanɗana shi, zubarwa ake yi.

Funfuna ce ta fi jarabtar mutum, don a sama take zama kamar auduga, sai ka ce in an yaɓe ta shi ke nan. Yogot abu ne mai laushi da ruwa, zarurukanta suna nutsawa ƙasa inda ba a gani, wasu nau'o'inta kuma suna sakin guba da tafasawa ba ta kawar da ita. Tana kuma cinye tsamin da ke kewaye da ita, alhali tsamin nan shi ne katangar da ke tsare yogot. Ruwan nan mai ɗorawa-ɗorawa da ke kwanciya a sama kuwa ba ɓaci ba ne, in babu wari babu kumfa a dama shi kawai.

Ranar muka zubar da irin tare da kayan, muka kwance famfon ɗuri muka tarar da daskararriyar madara a cikin robarsa, muka wanke komai muka ƙona da tafasasshen ruwa. Yanzu iri ba ya wuce zagaye uku a wurinmu sai mun ɗauko sabo. Kowane ɗauri muna rubuta masa kwanan wata, mu ajiye gora biyu, ɗaya a firij, ɗaya a kan kanta cikin zafin ɗaki. Ta kan kantar ita ke fara kumbura in akwai yis, sai mu dakatar da sauran kafin mai babur ya zo ɗauka.