Hoton da tela zai iya ɗinkawa

Shagona na ɗinkin mata ne a Damagaram, bubu da doguwar riga da hijabi, kuma galibin cinikinmu ta WhatsApp yake shigowa. Kafin kowace Sallah sai mun fitar da kundin samfuri, mata su duba su zaɓa. Samun wadda za ta sa kayan a ɗauke ta hoto shi ne aiki, don ba kowane gida ne zai yarda hoton ƴarsa ya yi ta yawo a wayoyin mutane ba. Mutum-mutumin shago kuwa ba ya nuna yadda mayafi ke zama a jikin mai rai. Shi ya sa na koma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake rubuta wa bayani su fito da hoto.

Ƙa'idata ɗaya ce: hoton da telana ba zai iya ɗinkawa ba, ba ya shiga kundi, komai kyansa. Manhaja ba ta taɓa riƙe almakashi ba. Ta ga hotuna masu ɗimbin yawa, ta san kamannin tufa, amma ba ta san inda tufa ke rataye ba. Idan aka rubuta mata "mace da hijabi da doguwar riga" kawai, abaya irin ta ƙasashen Larabawa za ta kawo, yadi mai sheƙi yana ta kwarara, ba a san farkon mayafin ba balle ƙarshensa.

Bari in ɗauki samfuri guda da muka yi, bubun atamfa da kallabi, da mayafi a sama. Ni da Faransanci nake rubutawa, ga yadda bayanin ya tsaya:

```
Femme haoussa debout, boubou ample en wax coton raide jusqu'aux chevilles,
plis larges qui partent des épaules, cercles grands comme la paume,
foulard noué du même tissu couvrant toute la tête,
voile uni en mousseline par-dessus, un pan sur l'épaule gauche,
lumière venant de la droite, mur en banco uni
```

Layi biyu na farko maganar ninki ce. Ninkin tufa ba ya tasowa haka kawai, daga wurin da tufar ta rataya yake farawa ya gangaro. A bubu wurin nan kafaɗa ne, sai gwiwar hannu idan an lanƙwasa ta. Nauyin yadi kuma shi ke faɗin irin ninkin. Sabuwar atamfa tana da tauri, ninkinta manya ne, ba su da yawa, kuma suna da kaifi. Shadda mai sitaci ta fi ta tsayawa, har karyewa take yi. Mayafi mara nauyi shi ne mai ƙananan ninki barkatai. To idan ban ambaci taurin yadin da wurin da ninkin zai taso ba, sai manhajar ta ba atamfa ninkin siliki, kuma duk macen da ta taɓa sayen turmi a kasuwar Dole za ta ji wani abu bai yi mata daidai ba ko da ba ta iya faɗin mene ne. Da hoto ya fito, nakan sa yatsa a kan ninki ɗaya in bi shi zuwa sama. In ya kai ni kafaɗa, madalla. In ya ɓace a tsakiyar ciki babu abin da ya ja shi, hoton ya faɗi.

Jerin kaya kuwa yadda ake sa su nake rubuta shi, daga ciki zuwa waje: riga, kallabi, sannan mayafi, kuma in faɗi kafaɗar da jelarsa ta faɗa. Da gangan na sa mayafin ya zama mara zane. Idan zane ya hau zane, manhaja takan narkar da su wuri ɗaya, sai ka ga mayafi ya sauko wuya ya rikiɗe ya zama hannun riga. Launi mabambanci da yadi mabambanci su ke raba su, sai kuma hasken gefe da ke sa ƴar inuwa a ƙarƙashin bakin mayafin. Wani abin da na lura da shi, gara in rubuta abin da nake so a rufe da in rubuta abin da ba na son gani, don a wasu manhajojin ambaton gashi, ko da da sunan hani ne, yakan jawo shi cikin hoton.

Zanen atamfa shi ya fi cin lokacina, kuma nan ne lissafin tela ke shigowa. Turmi yadi 6 ne, kusan mita 5 da rabi, faɗinsa bai wuce santimita 120 ba. Bubun mace mai matsakaicin tsawo, daga kafaɗa zuwa idon sawu, yana neman wajen santimita 140. Ke nan faɗin atamfar bai isa tsawon rigar ba. Ko dai a yi ƙari a ƙasa, ɗinkin ya fito fili, ko a yanka ta tsawo, gaba da baya su ci santimita 280. In an yanka ta tsawo, zanen da ke da sama da ƙasa, irin mai tsuntsu ko fure a kan reshe, kwantawa zai yi ta gefe. Manhaja ba ruwanta da wannan, za ta tsayar da tsuntsayen cak daga wuya har ƙasa ba ɗinki ko ɗaya, Hajiya ta gani ta ce irinsa take so, a bar tela da jan aiki. Dalilin da ya sa na zaɓi da'ira a samfurin nan ke nan, ita duk ta inda aka juya ta ɗaya ce.

Girman zanen ma sai an faɗa, kuma tafin hannu ya fi santimita aiki, tunda hannun yana cikin hoton. Bayan haka sai in ƙirga. Idan da'irar tana maimaituwa kowane santimita 15, layi tara ko kusa da haka ya kamata in samu daga kafaɗa zuwa ƙasa. In na samu ashirin, ko na ga na ƙirji sun ninka na ƙasa girma, an tafka. Sai kuma in duba cikin ninki. A tufa ta gaskiya ninki yana haɗiye rabin da'ira ya bar rabi. Idan duk da'irorin cikakku ne, lafiyayyu, alhali rigar ta tattare, to an shafa zanen ne a kan hoton kamar fenti a bango.

In wuri ɗaya ne ya ɓaci, ba na sake hoton gaba ɗaya. Manhajoji da yawa suna bari a shata wurin a ce a gyara shi kaɗai, kuma haka ya fi, don sabon hoto sabuwar fuska ce da sabon zane.

Akwai iyakar da ban ƙetare ba. Ko na ɗora hoton atamfar da ke kan kantata, abin da ke fitowa mai kama da ita ne, ba ita ba. Saboda haka kowane shafi na kundinmu hoto biyu ne: na manhaja don a ga yanka da zaman mayafi, da na ainihin turmin, a shimfiɗe a kan tebur da awo a gefensa, a ƙasa kuma mu rubuta cewa na farkon zane ne na na'ura. Laffaya kam har yanzu ba na saka hotonta na manhaja a kundi. Yadi ɗaya ne dogo da ke zagaye jiki ya hau kai, kuma duk hoton da na samu, in na bi bakinsa da yatsa sai ya rabu biyu ko ya ɓace a hammata. Wannan shafin ƙanwata ce ke tsaya mana, ta juya baya a ɗauka.