Daga baya ake gane sunan mota

Sana'ata sayar da motoci ce, ni da yara uku. Duk yaron da ya fara aiki a wurinmu, abin da nake fara koya masa shi ne ya zagaya bayan mota ya buɗe but. Gaban mota ba ya faɗa maka komai, domin Toyota Corolla tana fitowa a sedan, a hacbak, har a wagon, kuma fuskarsu kusan iri ɗaya ce.

Idan ka ɗaga murfin but, gilashin baya ya tsaya a inda yake, sedan ce, wadda wasu ke ce wa salun. Jikinta kashi uku ne: wurin inji, wurin fasinja, sai but da ke rufe shi kaɗai. Idan kuwa gilashin ya tashi tare da murfin, har kana hango kujerun baya, hacbak ce. Shi ya sa ake lissafa mata ƙofa biyar. Kada siffa ta ruɗe ka: Skoda Octavia daga nesa sai ka rantse sedan ce, amma gilashinta na tashi.

Wannan bambanci ba na suna kawai ba ne. Wani mai gyaran injin wanki ya taɓa zuwa yana neman mota mai babban but, ransa ya kwanta da wata sedan. Gaskiya but ɗinta yana da zurfi, har ya fi na hacbak ɗin da ke kusa da ita. Na ce ya kawo inji ɗaya mu gwada. Faɗinsa santimita 60, tsayinsa 85, kuma duk yadda muka juya shi bakin but ɗin ya ƙi karɓa. A hacbak muka kwantar da kujerun baya, ya shige a kwance. Mazubi ba shi da amfani idan bakinsa ya yi ƙunci.

Wagon, wadda takardu kan rubuta estet, hacbak ce da aka ja rufinta har ƙarshen jiki. Duba gefe, za ka ga doguwar taga ta uku bayan ƙofar baya. A ganina ita ce motar da aka fi rainawa, alhali ta fi wasu jif ɗin tsawon wurin kaya.

Jif kuwa da tsayinta daga ƙasa ake gane ta, amma iri biyu ce. Land Cruiser jikinta ɗore yake a kan firam na ƙarfe mai kama da tsani. RAV4 jiki da firam a haɗe suke kamar na ƙaramar mota, kuma wata tayoyin gaba kaɗai ke ja. Sai ka leƙa ƙasa kafin ka yi wa mai saye alkawarin hanya mai wuya.

A-kori-kura ba ta ɓuya: ɗakin direba daban, buɗaɗɗen bodin kaya daban. Ko mai ƙofa huɗu ce, kamar Hilux mai kujeru layi biyu, sunanta bai canza ba, sai dai kujerun bayan sun ci tsawon bodin.