Lissafin da ban yi daidai ba kafin na shiga mastas

Shekara 11 ina aikin akanta a ma'aikatar jiha, ina mataki na 12 ga kuma satifiket ɗin ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, a hannu, sannan na sayi fom ɗin mastas a 2021. Na zauna na yi lissafi kamar yadda muka saba, kuɗin makaranta, kuɗin mota, littattafai, na ga zan iya. Wallahi babban kuɗin ma ban saka shi a takardar ba.

Ni duk Asabar da Lahadi ina haɗa wa wasu ƙananan kamfanoni littattafansu, kuma kamfanin da ya rufe shekara a Disamba dole ya kai bayanan harajinsa kafin ƙarshen Yuni, to daga Maris zuwa Yuni nan ne kakata, abin da nake samu a wata huɗun nan da shi nake biyan haya da kuɗin makarantar yara. Lakca kuma ta faɗo daidai ranakun. Kamfani biyar nake riƙe da su, uku suka koma wajen wani, kuma ban ga laifinsu ba, mai kamfani ba zai jira ka gama jarabawa har tarar haraji ta hau kansa ba. Abin da na rasa a nan ya fi kuɗin makarantar nesa ba kusa ba.

Sai lokaci. Wata 18 na ɗauka za a yi, yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aikin bincike ya ja nasa, ka kai babi ka zauna jiran gyara. Shekara uku cif.

Da na kai takardar mastas ɗin ofis aka saka ta a fayil, shi ke nan. Ƙarin girma a matakinmu shekara uku ne da jarabawa, in akwai gurbi, mai mastas da marar ita layi ɗaya suke bi. Wannan ya min ciwo sosai, don tambaya ɗaya a sashen kula da ma'aikata ta isa in sani tun farko.

Inda ta min rana koyarwa ce. Na yi sa'a ta bincike na zaɓa, mai rubuta kundi, ba irin ta ƙwararru ba, ita ce jami'a ke dubawa in za ta ɗauke ka koyarwa ko kana neman digiri na uku. Yanzu ina koyar da ɗalibai da yamma kwana biyu a sati, kuma can nake son komawa in na bar gwamnati.

Kwanaki wani ƙanina a ofis ya zo da maganar, na ce masa ya kawo min tallan aiki guda uku da yake so waɗanda aka rubuta sai da mastas. Ya duba, duk satifiket ɗin ICAN ko na ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin, suke nema, shi kuma bai gama ko ɗaya ba. Ya ajiye fom ɗin ya koma rajistar jarabawarsa.