Ba da haƙuri daban, amsa laifi daban

A ce shagonku ya haɗa wa wani inbata da batir a gida, bayan mako biyu ya turo saƙon murya yana faɗa: firijinsa ya ƙone, kayanku ne suka jawo, ku biya ko ya kai ƙara. Darasi na farko da wannan aikin yake koya wa mutum shi ne, a wannan lokacin babu wanda ya san musabbabin. Wataƙila wutar layi ce ta dawo da ƙarfi, ko an ɗora wa inbatar kayan da suka fi ƙarfinta, ko wayoyin gidan ne. Wataƙila kuma mai haɗawar ne ya yi kuskure.

Nan ake yin ɓarna. Yaron shago, don ya kashe wutar rigimar, sai ya rubuta: "Laifinmu ne, za mu biya." A Najeriya, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar saƙon waya a matsayin hujja idan an cika sharuɗɗa. Idan kuma kuna da inshora, yawancin yarjejeniyoyin sun hana amsa alhaki kafin a sanar da kamfanin.

Ga amsar da ta fi dacewa, a rubuce, a ranar:

"Alhaji, sannu da wannan asara, ranmu bai ji daɗi ba. Mun fahimci firijin ya daina aiki daren jiya. Don Allah a kashe inbatar, kada a kira wani ya taɓa. Injiniyanmu zai zo gobe da ƙarfe 10, kuma za ku ji sakamakon dubawarsa kafin Alhamis. A taimaka mana da hoton rasit da na lambar da ta fito a fuskar inbatar."

An jajanta masa, an maimaita abin da ya faɗa don ya san an saurare shi, amma ba a ce inbatar ce ta ƙona firijin ba. Ba a kuma ce ba ita ba ce. Wannan musun na gaggawa, irin su "kayanmu ba sa haka" ko "ku ne kuka cika mata kaya", a ganina ya fi komai tunzura mutum ya nufi hukumar kare haƙƙin masu saye. Ku guji kalmar "amma" bayan ba da haƙuri, tana goge shi. Zagi da barazanar ƙara kuwa, kada a tanka musu. Mutum ɗaya ne zai riƙa amsawa, don kada bakinku ya rabu biyu.

Sai a cika alkawarin Alhamis ko da binciken bai ƙare ba. Idan ya nuna aibin daga gare ku yake, a faɗa masa gaskiya: dokar kare masu saye ta 2018 ta ba shi haƙƙin gyara, canji ko mayar da kuɗi. A rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya sa hannu.